Ana Neman Ma'aikacin Shago Mutum Ɗaya a Hotoro, Kano

Assalamu alaikum.

Ina da shagon kayan masarufi a unguwar Hotoro, cikin layukan da ke bayan titin Maiduguri. Muna sayar da shinkafa, wake, gero, sukari da gishiri a mudu, da taliya, madara, ganyen shayi, man gyaɗa, manja, sabulu, omo, lemo da ruwan leda. Tun da na buɗe ni kaɗai nake tsaye a kansa. Yanzu, alhamdu lillahi, ciniki ya fi ƙarfin hannu ɗaya, kuma duk ranar da na tafi kasuwar Singa saro kaya ko Dawanau ɗauko hatsi sai na rufe ƙofa, masu saye su zo su juya. Saboda haka nake neman ma'aikaci ɗaya, mace ko namiji, wanda zai zama na farko da zan ɗauka.

Wannan aikin albashi ne na wata-wata. Ba irin tsarin yaron shago ba ne da ake zama shekaru a ƙarƙashin maigida ana jiran ranar sallama. Wancan tsari ya tayar da mutane da yawa a Kano, ba na raina shi, amma ba ni da ƙarfin da zan yi wa ɗan wani alkawarin jari, kuma ba na son in yi alkawarin da zai zame mana rigima nan gaba. Abin da zan iya biya shi ne na rubuta a ƙasa, kuma za mu sa masa hannu a takarda tun ranar farko, kowa ya riƙe kwafinsa.

Aikin da za a yi

Da safe ma'aikaci zai buɗe shago, ya share ciki da bakin ƙofa, ya goge kanta, ya fito da kayan da ake jerawa a ƙarƙashin rumfa. Zai duba firji ya ga ko wuta ta zo da dare, ya cika shi da lemo da ruwa, sabon zuwa a ƙasa, mai sanyi a sama. Daga nan sai sauraron masu saye har tashi.

Wurin awo nake so mu fahimci juna tun yanzu. Mudun shagon nan ɗaya ne. Yadda za a cika wa alhajin da ya zo da mota, haka za a cika wa yarinyar da aka aiko da kuɗi a ƙulle cikin leda. Ba a danna hannu a rage, ba a kuma yi wa aboki ƙari daga kayan da ba na mutum ba. Yawancin masu zuwa mana da hantsi yara ne da aka aiko daga gidaje, wani bai ma iya faɗin sunan abin da aka ce ya sayo ba. Sai an yi haƙuri an tambaye shi, an ƙirga masa canjinsa a tafin hannu, an ɗaure masa a leda tare da kayan, domin idan ya zubar a hanya shagon za a dawo wa. Wanda yara ke saurin ɓata masa rai zai sha wahala a wannan aiki, gara ya sani tun kafin ya rubuta takarda.

Ana biya da tsabar kuɗi, da kati a na'urar POS, da kuma tiransifa. Ƙa'idar tiransifa ɗaya ce: kaya ba ya fita sai kuɗin ya bayyana a na'urar shago. Hoton rasit a wayar mai saye ba shaida ba ce, ko da kuwa mutumin sananne ne a layin. A faɗa masa da ladabi, a ba shi benci ya zauna har kuɗin ya shigo. Idan ya ji haushi, a ce dokar mai shago ce, ni zan ɗauki laifin.

Akwai littafin ciniki da ake rubuta abin da ya fita, akwai kuma littafin bashi. Gidajen da nake ba bashi sunayensu na shafin farko tare da iyakar kowanne. Ma'aikaci zai iya ba su ya rubuta, amma ba zai buɗe wa kowa sabon shafi ba sai da izinina. Wannan kariya ce gare shi, don na san yadda 'yan uwa da abokai ke matsa wa mai tsaron shago, kuma yana da sauƙi mutum ya ce ba shi da iko a kan ya ce ba zai bayar ba. Abin da ke cikin littafin bashi sirrin gidajen mutane ne, ba ya fita bakin ƙofa.

Ranar da kaya suka iso, yawanci Talata, zai ƙirga katan-katan da buhuna ya gwada da rasit kafin mai adaidaita sahu ya tafi. Sauke manyan buhuna aikin 'yan dako ne, ni nake biyansu, ba za a sa ma'aikaci ɗaukar buhu mai kilo 50 ba. Nasa shi ne jerawa: tsohon kaya a gaba, sabo a baya, buhuna a kan katako ba a ƙasa ba, musamman yanzu da damina, sabulu da omo kuma nesa da sukari da madara don kada ƙamshi ya kama su. Duk Asabar zai bi kanta ya duba ranar ƙarewar madara, tumatirin gwangwani da lemo, ya ware wanda ya kusa, ya kuma nuna mini duk kayan da babu lambar NAFDAC a jikinsu. Kafin ya tashi kullum za mu ƙirga kuɗin aljihun tebur tare, mu gwada da littafi da na'ura, mu sa hannu mu biyu.

Ba a aiken ma'aikacin shago gidana. Ba wanki, ba kai yara makaranta, ba cefane.

Lokutan aiki

Litinin zuwa Asabar, daga ƙarfe 8:00 na safe zuwa 5:00 na yamma. Akwai hutun awa ɗaya daga 1:30 zuwa 2:30 don sallar azahar da cin abinci, kuma idan an kira la'asar za a je a yi salla, ni zan zauna. Ranar Juma'a ana rufe shago daga 12:30 zuwa 3:00. Lahadi hutu ne cikakke. Daga 5:00 na yamma zuwa dare ni nake tsare shagon, don haka kowa zai isa gida kafin magariba.

Da azumi aikin zai koma 9:00 na safe zuwa 4:00 na yamma, albashi bai canja ba. Kwanakin jajibirin Sallah ciniki yakan yi yawa, zan iya roƙon a ƙara awa ɗaya ko biyu, kuma za a biya su daban. Ranar Sallah da kwana biyu bayanta hutu ne, ƙarama da babba. Idan ma'aikacin Kirista ne, zai samu kwana uku a Kirsimeti da uku a Ista, mu daidaita kwanakin Sallah tsakaninmu.

Albashi

Watan farko na gwaji ne, albashinsa naira 55,000. Daga wata na biyu naira 70,000 a kowane wata, ana turawa asusun banki ranar 28. Idan 28 ta faɗo Lahadi, a biya ranar Asabar. Naira 70,000 shi ne mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Najeriya a 2024. Dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma shi na ɗauka ma'auni, domin na san kuɗin mota da na abinci a garin nan.

Bayan albashi akwai abincin rana kullum daga shago. Duk awar da aka ƙara bayan ƙarfe 5:00 naira 500 ce, ana rubutawa a biya ranar Asabar. Bayan shekara ɗaya akwai hutun kwana 10 da cikakken albashi, kuma a lokacin za mu zauna mu duba ƙarin albashi gwargwadon yadda shagon ya tafi. Rashin lafiya ba a cire masa kuɗi har kwana 12 a shekara, sai dai idan ya wuce kwana biyu a jere a kawo takardar asibiti.

Maganar giɓi ita ce ta fi raba masu shago da ma'aikatansu, saboda haka ga yadda za mu yi. Idan lissafin yamma bai cika ba, za mu sake bin littafi da na'ura tare a ranar, ba sai ƙarshen wata ba. Ƙaramin kuskuren canji, ko kwalba da ta faɗi ta fashe, asarar shago ce. Ba zan taɓa albashin kowa a ɓoye ba. Amma ɗaukar kuɗi ko kaya ba izini, idan ya tabbata, ƙarshen aikin ke nan. Ban da wannan, duk wanda yake son rabuwa a cikinmu zai ba ɗayan sanarwar mako biyu.

Wanda ake nema

Shekara 18 zuwa sama. Ya iya karatu da rubutun boko da lissafin canji ba tare da dogon tunani ba, ya iya Hausa sosai da ɗan Turancin da zai saurari baƙo. Takardar sakandare tana da amfani amma ba dole ba ce, haka ma gogewa a aikin shago: wanda ya taɓa yi madalla, wanda bai taɓa ba zan koya masa na'ura da littafi a makon farko, ina tsaye kusa da shi. An fi son mazaunin Hotoro, Tarauni, Unguwa Uku ko Kawo, don kada kuɗin mota ya cinye albashin. Ana buƙatar mutum ɗaya da zai tsaya masa, uba, uwa, miji, mai unguwa, limami ko fasto, wanda zan iya zuwa in gaisa da shi.

Yadda za a nema

A rubuta takarda shafi ɗaya da hannunka ko hannunki, da Hausa ko Turanci, a faɗi suna, shekaru, unguwa, lambar waya, aikin da aka taɓa yi idan akwai, da sunan mai tsayawa. A haɗa da kwafin katin ɗan ƙasa, kada a kawo na ainihi. A kawo shagon tsakanin 10:00 na safe da 12:00 na rana, ban da Talata da Lahadi, daga yau zuwa Asabar 23 ga Agusta, 2025. Daga titin Maiduguri a shigo layin da ke da rijiyar burtsatse a bakinsa, shago na huɗu a hannun dama, mai koriyar ƙofa da rumfar kwano. Wannan sanarwa tana manne a ƙofar.

Za a yi ganawa Talata 26 ga Agusta da yamma da kuma Laraba 27. Ganawar ba za ta wuce minti 20 ba: 'yar hira, awon mudu ɗaya, da lissafin canji. Mace za ta iya zuwa da wani nata. Duk wanda ya kawo takarda zan kira shi zuwa Juma'a 29 ga wata ya ji amsa, ko an ɗauke shi ko ba a ɗauke shi ba. Ba a biyan ko kwabo don neman wannan aiki, kuma ban wakilta kowa ya karɓi takarda a madadina ba.

Za a fara aiki Litinin 1 ga Satumba, 2025, ƙarfe 8:00 na safe, in Allah ya yarda.

Mai shago,
Hotoro, Kano