Wasiƙa zuwa ga Dakta Usman Haruna Kan Babukan da Gwajin Tarihin Sudan Zai Ƙunsa

Khartum,
Alhamis, 10 ga Nuwamba, 2022.

Zuwa ga Dakta Usman Haruna,
Malamin darasin Tarihin Sudan, aji biyu,
Sashen Tarihi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh.

Allah ya gafarta Malam. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan Malam yana lafiya tare da iyali. Ni ce Rukayya Sani Bello, ɗalibarka ta aji biyu, wakiliyar ɗalibai mata 'yan Najeriya da Nijar a darasinka na ranar Talata. Na rubuto da Hausa ne saboda izinin da Malam ya ba mu tun farkon zango, cewa wanda Larabci ya yi wa nauyi wajen bayyana damuwarsa ya rubuto da harshen gida.

Roƙona shi ne Malam ya tabbatar mana da babukan da gwajin ranar Lahadi, 20 ga Nuwamba, zai ƙunsa. A ƙarshen laccar shekaranjiya Malam ya ce daga babi na biyu zuwa na biyar, haka kuma aka liƙa a allon sanarwa. Kowa ya rubuta ya tafi da ransa fari. Sai jiya da dare, da muka zauna muraja'a a ɗakin kwana, muka gano cewa muzakkirar da ke hannunmu ba iri ɗaya ba ce, kuma lambobin babukan ba su zo daidai ba.

Ga yadda abin yake. Wasunmu sun sayi sabon bugu na bana a shagon kwafi na bakin ƙofa. Wasu kuma sun gaji tsohon bugu daga hannun 'yan aji uku da huɗu, domin kuɗin kwafi ya yi tsada, kuma ba wanda ya yi zaton akwai bambanci tunda bangon iri ɗaya ne. A sabon bugu, babi na biyu Daular Funj ce ta Sinnar, na uku Daular Darfur, na huɗu mulkin Turkawa da Misirawa, na biyar Mahdiyya. A tsohon kuwa Funj da Darfur a haɗe suke cikin babi na biyu, sai kowane babi ya matso gaba da lamba ɗaya: Turkiyya ta zama na uku, Mahdiyya na huɗu, na biyar kuma mulkin haɗin gwiwa na Ingila da Masar wanda ya fara da yarjejeniyar 1899. Ke nan mai tsohon bugu, in ya bi sanarwa yadda take, zai kwana yana haddace tawayen ƙungiyar Farar Tuta na 1924 da madatsar Sinnar da aikin noman Jazira na 1925, alhali ko sau ɗaya ba mu taɓo su a aji ba. Ni dai abin da na fahimta shi ne sabon bugu Malam yake nufi, domin shi ne a hannunka kana karantarwa. Amma fahimtata ba hujja ba ce a wurin 'yan'uwana, kuma tsakanin 1899 da samun 'yanci a 1956 karatu ne mai yawa, bai kamata a bar shi ga zato ba. Wata daga cikinmu ma har ta yi nisa a wannan babin.

Ko da an tsaya kan sabon bugu, akwai inda iyakar take da duhu, kuma nan ne hankalina ya fi tashi: babin Mahdiyya. A aji mun bi labarin tun daga bayyana da'awar Muhammad Ahmad a tsibirin Aba a 1881, da hijirarsa zuwa Jabal Ƙadir, da faɗuwar Ubayyid a farkon 1883, da yadda aka karya rundunar Hicks a Shaikan a watan Nuwamba na wannan shekarar, har zuwa shiga Khartum ranar 26 ga Janairu, 1885. A nan muka tsaya shekaranjiya. Rabin babin na biyu, wato zamanin Khalifa Abdullahi bayan rasuwar Mahdi a watan Yuni na 1885, har yaƙin Karari ranar 2 ga Satumba, 1898, da kashe Khalifa a Umm Dibaikarat a 1899, ba mu kai gare shi ba. Malam zai tuna laccar 25 ga Oktoba ba ta yiwu ba, ranar da aka rufe gadoji babu hanyar ƙetarowa daga Umdurman, tun daga nan muke bin jadawali bashin mako guda. Shin gwajin zai tsaya a 1885 inda bayanin Malam ya tsaya, ko zai haɗa babin duka?

In duka ne, za mu karanta, babu musu. Sai dai ina so Malam ya san halin da muke ciki. Abokan karatunmu 'yan ƙasa sun san wannan zamanin tun daga makarantar firamare, wasunsu ma kusa da gidan Khalifa da ƙubbar Mahdi suka tashi. Mu kuwa yawancinmu sai a nan muka fara jin sunan Usman Diƙna da Abdurrahman Nujumi. Shafukan da suka yi magana kan saɓanin Khalifa da Ashraf, dangin Mahdi, da kuma yunwar shekarar 1306 ta Hijira, wadda ake kira "shekarar shida", na karanta su na sake karantawa, na san abin da ya faru amma ban kama dalilinsa ba. Tambayoyin Malam kuwa, yadda muka gani a aikin gida na farko, dalili suke nema ba jerin shekaru ba. Shi ya sa nake ganin in wannan rabin zai shigo, muna buƙatar sani tun yanzu, mu nemi wani daga cikin 'yan aji huɗu ya zauna da mu ranar Asabar.

Babin Darfur ma yana da irin wannan matsala, ko da yake ba ta kai waccan ba. Mun yi kafuwar daular a hannun Sulaiman Solong, da komawar fada Fashir, da fataucin Darbul Arba'in zuwa Asyut, muka rufe da yaƙin Manawashi na 1874 inda Zubair Rahama ya ci Sarki Ibrahim. Amma muzakkira ta zarce da labarin Ali Dinar, daga 1898 zuwa 1916, a cikin babin. Malam ya ce a lokacin za mu dawo masa in mun wuce Mahdiyya, tunda ba a gane dawowarsa sai an san abin da ya faru a Karari. To ga shi yana zaune cikin babi na uku, babi na uku kuma yana cikin sanarwa. Mu bar shi ko mu ɗauka?

Sai batun Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A muzakkira yana babi na bakwai, babin hijirar mutanen yamma zuwa Sudan, tare da Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya da yaƙin Burmi na 1903 da kafuwar garin Mai Wurno a bakin kogin Nil mai shuɗi. Wannan babin a fili yake baya cikin sanarwa. Amma Malam ya ɗauki kusan rabin lacca yana mana bayanin wasiƙun da suka gudana tsakanin Hayatu da Mahdi, da yadda Mahdi ya naɗa shi wakilinsa a ƙasar Sakkwato, da haɗuwarsa da Rabeh daga baya. Har Malam ya ce wanda bai san wannan ba bai san nisan da da'awar Mahdi ta yi ba. Tun daga ranar ake gardama a tsakaninmu: wasu na cewa abin da aka faɗa a aji yana cikin gwaji ko daga wane babi ya fito, wasu na cewa Malam ya kawo shi ne don ya jawo hankalinmu mu da abin ya shafi kakanninmu. Gaskiya ni zan so ya fito. Shi ne wurin da na fi jin tarihin nan namu ne mu ma, kuma na fi kowane sashe riƙe shi. Amma so daban, abin da Malam ya tsara daban.

Babin Funj da na Turkiyya babu wata tambaya a kansu. Daga Amara Dunƙas da Abdullahi Jamma' a 1504 zuwa miƙa wuyan Sinnar a 1821, da kashe Isma'il Basha a Shandi a 1822 da abin da ya biyo baya, duk mun yi su a aji kuma bugun biyu sun yi daidai a kansu, in ban da lamba.

Na san Malam zai yi tafiya Sinnar mako mai zuwa kuma babu lacca ranar Talata, ke nan ba za mu sake haɗuwa ba sai a ɗakin gwaji. Shi ne dalilin da ya sa ban jira ba. Ba sai Malam ya wahalar da kansa da doguwar amsa ba. In ya ambaci babukan da sunayensu maimakon lambobinsu, ya faɗi shekarar da Mahdiyya za ta tsaya, sannan ya ce "eh" ko "a'a" kan Ali Dinar da Hayatu, ya wadatar. Zan leƙa ofishin sakataren sashe ranar Lahadi mai zuwa bayan azahar, ko Malam ya bar saƙo a can. In kuma ya fi sauƙi a turo wa wakilin aji, na yi magana da shi, zai sanar da kowa da Larabci, ni kuma in isar wa 'yan'uwana da Hausa. Zai yi kyau a gyara takardar da ke allon sanarwa ma, domin akwai masu tsohon bugu a ɓangaren maza da ban tabbata labarin ya kai gare su ba.

Malam ya yi haƙuri da tsawon wasiƙar a irin wannan lokaci da ayyuka suka yi masa yawa. Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya, ya saka da alheri, ya ƙara wa ilimi albarka.

Wassalamu alaikum.

Ɗalibarka,
Rukayya Sani Bello,
Aji biyu, Sashen Tarihi.