Na karya rantsuwa na yi azumi uku: ya wadatar?

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina sayar da atamfa da shadda. Bara muka samu saɓani da ƙanena a kan kuɗin wasu kaya da ya ɗauka bai cika ba. Cikin fushi, a gaban yaran shago, na ce wallahi tallahi ba zan ƙara taka gidansa ba, har sau uku ina maimaitawa. Watan jiya aka yi masa haihuwa, Hajiyarmu ta ce lallai in je suna, na je. Da na dawo sai na yi azumi uku a jere. Yanzu wani maƙwabcina a kasuwa ya ce azumin nan bai biya ba. Ina gaskiyar take? Kuma kaffara ɗaya ce a kaina ko uku?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya raya abin da aka samu, ya kuma ƙara wa Hajiya lafiya.

Zuwan da ka yi shi ne daidai, kada ka sa wa ranka damuwa a kansa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya gaya wa Abdurrahman ɗan Samura cewa idan ya yi rantsuwa, sai ya ga wani abu ya fi abin da ya rantse a kai alheri, to ya yi kaffara ya aikata wanda ya fi alherin. Aya ta 224 a Suratul Baƙara ma ta hana mutum ya mai da sunan Allah shinge tsakaninsa da aikin kirki da sulhu. Ka tuna Sayyidina Abubakar ya taɓa rantsewa ba zai ƙara taimaka wa ɗan'uwansa Misɗahu ba, saboda ya sa baki a ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha. Da aya ta 22 ta Suratun Nur ta sauka, sai ya mayar masa da abin da yake ba shi. Laifin ƙanenka bai kama ƙafar wannan ba.

Amma maƙwabcinka ya fi ka gaskiya a kan azumin. Mutane da yawa a garin nan, da an ce kaffarar rantsuwa, azumi uku ne ke fara faɗo musu a rai, har ka ji mai shago da mota yana cewa "in ta kama in yi azumi uku ne kawai". Aya ta 89 a Suratul Ma'ida ba haka ta jera ba. Ma'anarta ita ce: kaffarar rantsuwar da kuka ƙulla ita ce ciyar da miskinai goma daga matsakaicin abin da kuke ciyar da iyalanku, ko tufatar da su, ko 'yanta bawa, wanda bai samu ba, sai azumin kwana uku. Ukun farko zaɓi ne, wanda ka ga dama ka ɗauka. Azumi kuwa ba ya cikin zaɓin, yana bayansu ne, ga wanda ya rasa dukkansu. 'Yanta bawa babu shi a zamaninmu, saura ciyarwa da tufatarwa. Mutumin da ke da shago a Kwari, diloli jibge har rufi, ba zai ce bai samu ba. Saboda haka azuminka muna fata Allah ya rubuta maka ladansa, amma kaffara tana nan a wuyanka. Wannan ba maganar mazhaba ɗaya ba ce, duk huɗun a kai suke.

Game da maimaitawa, tunda abu ɗaya ka rantse a kai, kuma nanatawar don ƙarfafa magana ce irin ta mai fushi, kaffara ɗaya ce. Sai dai in a zuciyarka ka yi nufin kowace rantsuwa da kaffararta, abin da da wuya mai fushi ya tsaya lissafa shi. Da ka ce wallahi ba zan shiga gidansa ba, ka sake cewa wallahi ba zan ƙara ba shi kaya ba, sannan ka karya duka, da biyu ne. Yanzu kuma rantsuwar ta warware tun ranar sunan, ko kullum ka je gidan babu wata sabuwar kaffara.

Ciyarwa ita ce ake yawan kuskure a cikinta, don haka bari in ɗan tsaya. A Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wadda kusan duk wanda ya zauna zauren karatu a Kano ya biya ta, kowane miskini ana ba shi mudu ɗaya, da mudun Annabi (SAW). Kada kalmar mudu ta ruɗe ka. Ba kwanon awo na Dawanau ko na kasuwar Rimi ake nufi ba, wannan ya ninka shi. Mudun Annabi shi ne cikin tafuka biyu na matsakaicin mutum, ba a ƙanƙance ba, ba a baje ba, wanda a shinkafa yake kamawa rabin kilo da 'yan kai. Shi ne dai wanda ake auna huɗu a fitar wa mutum ɗaya zakkar fidda kai. Goma ke nan za ka auna, kowa nasa daban. Risala ta ƙara da cewa an fi so a ɗora sulusin mudu ko rabinsa a kai gwargwadon yanayin rayuwar gari, amma wanda ya tsaya a mudu ɗaya ya isar masa. Ni dai in mai hali ya tambaye ni, nakan ce ya cika kilo guda ya haɗa da ɗan abin cefane, don wanda ka miƙa wa tsurar shinkafa ba mai ba gishiri ka bar shi da sauran aiki. Wannan shawara ce, ba sharaɗi ba.

Wane irin abinci? Ayar ta ce matsakaici. A wajen malamanmu na Malikiyya ana duba abin da ya fi rinjaye a cimar mutanen gari: shinkafa, masara, gero, dawa. Abin da ban so shi ne mutum ana dafa shinkafa da miya a gidansa kullum, amma ranar kaffara ya aika a nemo masa tsohuwar dawar da ƙwari suka gama da ita.

In kuma dafaffe kake so, ya halatta, amma sai mutum goman sun ƙoshi sau biyu, kamar rana da dare. Na taɓa ganin wani bawan Allah ya tsaya wajen mai abinci, ya sa aka zuba shinkafa da wake a faranti babba guda, ya kira almajirai. Kafin ya juya yara sun fi ashirin a kai, minti biyu faranti ya koma fes, kowa loma uku ya samu. Ya tafi yana ganin ya sauke nauyi. Sadaka ce, Allah ya ba shi lada, amma ba a samu goman da suka ƙoshi ba. In za ka bi wannan hanya, ka ƙirga mutum goma, ka biya wa kowa abin da zai ishe shi, da daddare ka sake ciyar da su su ɗin dai.

Adadin ma abin lura ne. Ba za ka ɗauki mudu goma ka kai wa gida ɗaya mai mutum uku ka ce ka gama ba. In gidan mabuƙata ne kuma mutum goma ne masu cin abinci a ciki, ya yi. Yaro ƙarami ana ba shi cikakken rabo irin na babba. Su zama Musulmi, kuma kada su zama waɗanda ciyar da su wajibinka ne, wato matarka, 'ya'yanka ƙanana, da iyayenka in suna da buƙata. Amma ƙanwar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, ko ɗan dakon da ke sauke maka kaya, ko maigadin layinku, duk suna shiga in mabuƙata ne.

Za ka tambaya ko a ba da kuɗi. Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya sun ce abinci ko tufafi ayar ta ambata, a tsaya a nan. Hanafiyya sun yarda a ba da ƙima. Tunda hatsi ba wuyar samu yake a Kano ba, ka auna ka fita daga saɓani. In ba ka da lokaci, ka ba amintaccen yaronka kuɗin ya sayo ya raba a madadinka, wannan wakilci ne, babu laifi.

Sai tufatarwa, wadda kusan an manta da ita, alhali kai ita ce a bakin ƙofarka. Namiji riga ɗaya mai suturce jiki, mace riga da mayafi. Hula kaɗai ko takalmi ko ɗankwali ba sa biya. Ba dole sai shadda mai tsada ba, kuma ba dole sai sabo ba, matuƙar tufar tana da ƙarfinta ba ta mutu ba. Amma in yadi za ka yanka daga shago, ka haɗa da tela a ɗinka, a ba mutum abin da zai saka. Tallafin da ya bar talaka yana neman kuɗin ɗinki sau da yawa a kasuwa yake ƙarewa. Abu ɗaya da Malikiyya ba su yarda da shi ba shi ne gauraye: ka ciyar da biyar ka tufatar da biyar. Ka ɗauki ɗaya ka cika goma a kansa.

Azumin kuma, don amfanin wanda zai karanta wannan alhali da gaske ba shi da hali, kamar ɗalibi ko leburan da abin hannunsa bai wuce cin yau ba: kwana uku ne, da niyya tun dare. An fi so a jera su, in an rarraba ya isar a mazhabar Malik. Hanafiyya da Hanbaliyya sun wajabta jerawa, dogaro da ƙira'ar Ibnu Mas'ud. Kada a haɗa ta da kaffarar karya azumin Ramadan da gangan, mai wata biyu a jere ko ciyar da sittin, wannan daban take.

Tunda a kasuwa kake, akwai abin da ba ka tambaya ba amma zan faɗa. Duk wannan bayani a kan rantsuwar abin da zai zo ne, zan yi ko ba zan yi ba. Wanda ya ce wa mai saye "wallahi ko uwar kuɗi ba ta fito ba" alhali ya san ƙarya yake, wannan ita ce yaminul gamus, mai dulmiya mai ita, kuma hadisin Bukhari ya jera ta cikin manyan zunubai. Malik da Abu Hanifa da Ahmad sun ce ta fi ƙarfin kaffara, sai tuba da mayar da haƙƙin wanda aka cuta. Wanda kuwa ya rantse a kan abin da ya haƙiƙance haka yake, daga baya ya ga ya yi kuskure, babu komai a kansa. Haka wanda ya haɗa rantsuwarsa da "in sha Allah" nan take, yana nufin togaciya. Masu "aradu" da "kwarankwatsa" kuma ba kaffara ce a kansu ba, istigfari ne, don an hana rantsuwa da wanin Allah.

Ka auna mudu goman nan ko ka kai ɗinkin cikin makon nan, kada ka bari ta kwana biyu a wuyanka. Maganar cikon kuɗin kayan kuwa, rantsuwa ba ta shafe shi ba, zuwa suna ma bai shafe shi ba. Ku zauna gaban Hajiya ku yi lissafi, ko ya biya a hankali ko ka yafe. Wallahu a'alam.