Takardar Jagora ga Ma'aikata: Sakaya Suna da Ɓad da Sawu a Bayanan Mutane

Daga: Jami'ar kare bayanai ta ƙungiya, ofishin Kano
Zuwa ga: Sashen bibiya da tantance aiki, masu shigar da bayanai, da shugabannin masu bi gida-gida
Rana: Litinin, 13 ga Oktoba, 2025

Assalamu alaikum.

A makon jiya an kawo mini jadawalin mata masu juna biyu 1,340 da muke bibiya a Dala, Gwale da Fagge, don in sa hannu a tura wa wani ɗalibin jami'a da ya nemi yin bincike da shi. An goge sunaye, an rubuta a kai cewa ba mai iya gane kowa. Na kira ɗaya daga cikin iyayenmu masu bi gida-gida, na karanta mata layi guda: shekara 41, haihuwa ta goma sha ɗaya, tagwaye, unguwar Yalwa, miji mai gyaran keken ɗinki. Ban rufe baki ba ta ce, "Ai na san ta, jiya ma na wuce ta ƙofar gidansu." Shi ya sa ban sa hannu ba. Ba laifin wanda ya shirya jadawalin nake gani ba, domin ba mu taɓa zama mun bambance muku sakaya suna da ɓad da sawu ba.

A shafin da muke ɗora rahoto ga masu ba mu tallafi akwai zaɓi biyu da kuka saba gani: `Pseudonymised` da `Anonymised`. A ofishin nan, na farko za mu riƙa ce masa sakaya suna, na biyu kuma ɓad da sawu.

Sakaya suna shi ne a cire sunan mace da lambar wayarta da adireshinta, a sa mata wata lamba a madadinsu, sannan a ajiye takardar da ke haɗa lambar da mai ita a wani wuri dabam, a kulle. Wannan takarda ita muke kira mabuɗi. Kun san katin asibiti: wanda ya tsince shi a titi lamba kawai zai gani, amma ma'aikacin ɗakin kati yana dubawa zai zaro fayil ɗin. Sashe na 65 na Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 12 ga Yuni, 2023, haka ya fassara shi: a sarrafa bayani ta yadda ba za a iya jingina shi ga wani mutum ba sai da ƙarin wani bayani, shi kuma ƙarin a ware shi, a tsare shi. Idan mabuɗin yana shafi na biyu na fayil ɗin da aka sakaya, ko kuma an danna `Hide` ne kawai a kan layin sunaye a Excel, to ba a yi komai ba.

Abin da nake so ya zauna muku shi ne, bayanin da aka sakaya yana nan a matsayin bayanin mutum. Doka ba ta sake shi ba. Sai da dalilin da doka ta yarda da shi za mu riƙe shi. Matar da ke cikinsa tana da ikon ta ce a nuna mata, a gyara, ko a goge. Bayanin lafiya yana cikin masu tsananin sirri da sashe na 30 ya tsaurara a kansu, kuma sa lamba ba ya sauke shi daga wannan matsayi. Idan ya fita ta hanyar da ba ta dace ba, kuma akwai yiwuwar cutuwa ga masu shi, sashe na 40 ya ba mu awa 72 mu sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya. Amfaninsa dai shi ne rage ɓarna, shi ya sa sashe na 39 ya lissafa shi cikin matakan tsaro tare da kulle bayani da lambobin sirri. In an sace kwamfutar mai nazari a cikin adaidaita sahu, gara a ce lambobi ɓarawo ya samu da a ce sunaye.

Ɓad da sawu kuwa, hanyar komawa ga mutum ce ake toshewa gaba ɗaya, har mu kanmu ba za mu iya ba. Kamar gyaɗar manoma ɗari ce da aka haɗa aka matse mai: ba wanda zai ɗebi ludayi ya ce wannan daga gonar wane yake. Dokarmu ta ce bayanin mutum shi ne wanda ya shafi wanda aka gane ko ake iya ganewa, kai tsaye ko a kaikaice. Saboda haka abin da ba a iya gane kowa a cikinsa ya fita daga hurumin dokar. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018, wadda masu tallafinmu na can ke bi, ta faɗi wannan ƙarara a sakin layi na 26 na shimfiɗarta, ta kuma ba da ma'auni: a duba duk hanyoyin da hankali zai ɗauka wani na iya bi don gano mutumin, da kuɗin da zai kashe, da lokacin da zai ɓata, da na'urorin da ke akwai. Lura da kalmar "wani". Ba mu kaɗai ake nufi ba, har da maƙwabci, da kishiya, da ɗalibin da aka haifa a lungun.

A nan ne aikin yake da wuya, musamman a cikin birni. Mutanen Kano ba da sunan yanka kaɗai suke sanin juna ba. Matar liman, mai ƙosan bakin masallaci, amaryar gidan mai unguwa, wadda aka yi wa aiki da azumin bara: kowanne daga cikin waɗannan ya fi suna saurin kai mutum ƙofar gida. Kuma ba a nan kaɗai abin yake ba. A 1997 wata mai bincike a Amurka, Latanya Sweeney, ta ɗauki bayanan asibiti na ma'aikatan jihar Massachusetts da aka cire wa sunaye, ta haɗa su da rajistar masu zaɓe, ta zaƙulo fayil ɗin gwamnan jihar, William Weld. Daga baya ta ƙiyasta cewa ranar haihuwa, jinsi da lambar yankin gidan waya sun isa a ware kusan kashi 87 cikin ɗari na Amurkawa ɗaya bayan ɗaya. Ita sai da ta nemi rajista. Mu a nan, ungozoma ɗaya ta wadatar.

Akwai kuskure guda da na fi gani wajen matasanmu masu kwamfuta, kuma da kyakkyawar niyya suke yin sa. Sai su bi da lambar waya ko lambar ɗan ƙasa ta cikin `SHA-256`, ta fito a hargitse, su ce an ɓad da sawu. Lambar wayar Najeriya guda 11 ce, farkonta kuma sananne ne, don haka kwamfuta za ta iya bin duk lambobin da ke yiwuwa ɗaya bayan ɗaya har ta dace. Ko an gauraya da kalmar sirri, muddin kalmar tana hannunmu, sakayawa ce. Haka kuma kada a ƙirƙiri lambar mace daga harufan sunanta da shekarar haihuwarta. Kwamfuta ce za ta zaɓo lambar a kan ka.

To yaushe ake bin wanne? Ku tambayi kanku: akwai ranar da za mu buƙaci komawa ga wannan matar? In amsar eh ce, sakayawa za a yi. Bibiyar awo daga wata zuwa wata, haɗa sakamakon gwajin jini da mai shi, kiran wadda jininta ya hau a ce ta garzaya asibiti, cire wadda ta janye amincewarta, duk waɗannan ba sa yiwuwa in an ƙona mabuɗi. Kusan duk aikinmu na cikin gida a nan yake. Mabuɗin yana hannun mutum biyu kacal, ni da shugabar shiri, kuma duk wanda aka buɗe wa sai an rubuta suna da rana da dalili.

In kuwa amsar a'a ce, sai a ɓad da sawu: rahoton shekara, alƙaluman da za a karanta a rediyo, allon da za a haska a taro, da bayanan da wa'adin ajiye su ya cika amma muna son ƙididdigarsu, tunda sashe na 24 ya hana riƙe bayanin mutum fiye da buƙata. Ga yadda muke yi. Shekaru a dunƙule su, 20 zuwa 24, 25 zuwa 29, haka dai har a kai rukunin 40 zuwa sama. Unguwa ta koma mazaɓa, in mazaɓar ta yi ƙanƙanta ta koma ƙaramar hukuma. Ranar haihuwa ta koma wata ko zangon shekara. Alamar wurin gida da KoboToolbox ke ɗauka a cire ta ɗungurungum, haka ma gurbin ƙarin bayani inda masu bi gida-gida ke rubuta abin da suka gani, don a nan asirin yake. Duk rukunin da bai kai mutum 10 ba, a haɗe shi da na kusa ko a ɓoye shi. Wannan goman ƙa'idar ofishinmu ce, ba lambar da doka ta yanka ba ce. Muryoyin da aka naɗa da hotuna ba sa shiga wannan layi ko kaɗan, kowa ya san muryar 'yar'uwarsa. Ku kuma sani cewa shi kansa aikin ɓad da sawun sarrafa bayanan mutane ne, don haka a kwamfutar ofis ake yin sa, ba a wayar wani ba.

Wani daga cikinku ya tambaye ni: in mun tura wa abokin hulɗa jadawalin da aka sakaya, muka riƙe mabuɗin, ai shi a wajensa ba ya iya gane kowa? Tambaya ce mai kyau, lauyoyi ma suna ja-in-ja a kanta. A watan Satumbar bana babbar kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa irin wannan bayani yana iya zama ba na mutum ba a hannun wanda ya karɓa, in har ba shi da wata hanya ta gano masu shi. Amma hukuncin can ne, kuma bai sauke nauyi daga kan mai riƙe da mabuɗi ba. Mu ne masu mabuɗi. Saboda haka duk jadawalin da ke da layi ɗaya ga kowace mace, ba ya fita sai da rubutacciyar yarjejeniya da ta hana ƙoƙarin gano mutane da miƙa wa wani, in kuma ƙasar waje za shi, sai an cika sharuɗɗan sashe na 41 zuwa 43. Tarar da doka ta sa tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, ga manyan masu riƙe da bayanai. Ga sauran kuwa miliyan 2 ne ko kashi 2 ɗin. Ni dai ba tarar ce ta fi damuna ba. Ranar da aka ji sakamakon gwajin wata a gidan biki, ba gidan da zai ƙara buɗe mana ƙofa a unguwar.

Batun ɗalibin nan: za a ba shi jadawalin ƙididdiga a matakin ƙaramar hukuma. In bincikensa na buƙatar layi-layi, ya kawo takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, mu duba ko takardar yardar da matan suka sa wa hannu ta haɗa da hakan, sannan ya zo ya yi aikin a kwamfutarmu.

Kafin Alhamis, 23 ga Oktoba, kowane sashe ya kawo mini jerin fayilolin da ya taɓa yi wa alamar `Anonymised`, har da waɗanda aka tura ta WhatsApp. Za mu zauna da biyu daga cikin iyayenmu masu bi gida-gida a ɗakin taro bayan azahar, mu karanta musu layi-layi. Duk fayil ɗin da suka gane ko da mutum ɗaya a ciki, za a sauya masa alama a sake aikinsa.

Na gode. Allah ya taimaka.

Jami'ar kare bayanai