Dabarun Lissafin Fizis: Bitar WAEC, Aji SS3

Motsi
v = u + at; s = ut + ½at²
Sai in a ba ta canzawa. v, u: m/s, a: m/s², s: m, t: s.

Ƙarfi
F = ma, F a N. F jimillar ƙarfin da ke kan abu ce. m a kg, ba giram ba. Nan maki ke zubewa.

Aiki
W = Fs, a J, idan F da s sun fuskanci gefe ɗaya.

Lantarki
V = IR, muddin zafin waya bai canza ba. V: V, I: A, R: Ω.

Iskar gas
P₁V₁/T₁ = P₂V₂/T₂
Yawan gas ɗin kada ya canza. T dole a K: ƙara 273 kan °C, kar ka manta.

Ɗauki g = 10 m/s² in takardar tambaya ta ce haka.