Ƙa'idar Sashen Hausa Kan Amfani da Ƙirƙirarriyar Basira a Ayyukan Karatu

Zuwa ga ɗaliban Sashen Hausa da malamansu, Jos
Zangon karatu na farko, shekarar 2025/2026

1. Dalilin wannan ƙa'ida

Tun da ChatGPT ta fito a watan Nuwamba na 2022, ire-irenta sun yawaita, har ta kai duk mai WhatsApp a wayarsa yana da Meta AI a hannu ko bai nema ba. A zangon da ya wuce wani malami ya hana, wani ya ƙyale, ɗalibai kuma suka rasa na kamawa. A jingar adabin baka ɗaya an sami takardu tara ɗauke da karin magana iri ɗaya da babu Bahaushen da ya taɓa yin ta, kowa kuma ya jingina ta ga littafin da babu shi. Da aka kira su, da yawansu sun ce ba su san laifi ba ne. Mun yarda da su, domin ba mu taɓa rubuta musu ba. Yau mun rubuta.

Ƙa'idar ta shafi ChatGPT da Gemini da Meta AI da Google Translate, da duk manhajar da ke rubutu ko fassara ko taƙaita bayani ko mayar da murya rubutu. Ta shafi jinga da gwaji da aikin rukuni da shirin darasi da kundin kammala karatu.

Tushenta ɗaya ne: abin da ake ba da maki dominsa, daga kan ɗalibi zai fito.

2. Abin da aka halatta ba tare da neman izini ba

Ɗalibi na iya neman manhaja ta sake yi masa bayanin darasin da ya shige masa duhu, ko ta yi masa tambayoyin bita kafin jarrabawa, ko ta taimaka masa fahimtar muƙalar da aka rubuta da Turanci. Wannan karatu ne. Sai dai ya tuna cewa abin da ta faɗa ba hujja ba ne. Idan bayaninta ya saɓa wa littafin kwas, a kawo maganar aji.

3. Abin da aka halatta idan an bayyana

An yarda a yi amfani da manhaja wajen neman batutuwan bincike kafin a zaɓi ɗaya, da tsara jerin madogara bisa salon da sashe yake bi, da neman ta nuna inda hujjar ɗalibi ta yi rauni a rubutun da ya riga ya gama da kansa. Sharaɗi shi ne a rubuta bayani a shafin ƙarshe, kamar haka:

"Na yi amfani da Gemini ranar 14 ga Nuwamba, 2025, ta nuna mini inda hujjata ta yi rauni a babi na biyu. Ni na yi gyaran da kaina, kuma na ga kowane littafi da na ambata da idona."

Wanda bai taɓa manhaja ba sai ya rubuta haka a layi ɗaya. Ba a rage wa kowa maki don ya bayyana amfanin da aka halatta. Ba a kuma ƙara wa kowa. Muna da ɗaliban da ba su da babbar waya ko kuɗin data, don haka babu malamin da zai ba da aikin da ba ya yiwuwa sai da manhajar da ake biya.

4. Abin da aka haramta

Haramun ne a miƙa rubutun manhaja a matsayin na kai, ko da sakin layi ɗaya ne, ko da an sassauya kalmomi. Haramun ne a ambaci littafi ko muƙala ko shafin da ba a gani ba. Waɗannan manhajoji suna hasashen kalmar da ta dace ta biyo wata ne, shi ya sa suke iya ƙaga sunan marubuci da shekara da shafi ba tare da wata alamar shakka ba. A ɗakin gwaji da jarrabawa kuwa waya ma ba ta shiga.

Akwai wurare uku da suka keɓanta da sashenmu.

A kwas ɗin fassara, babu manhaja ko kaɗan sai malami ya sa a rubuce. Google Translate tana da Hausa tun 2013, kuma malami na iya kawo fassararta aji a feɗe ta tare, a ga inda ta yi daidai da inda ta kauce. Amma jingar fassara, gumin ɗalibi muke aunawa. Ƙamus yana nan halal: na Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 duk suna ɗakin karatu.

A kwas ɗin insha'i da ƙa'idojin rubutu, ba a yarda manhaja ta gyara rubutu ba. Sanin inda ake sa ɓ da ɗ da ƙ, da inda ake raba kalma ko haɗa ta, shi ne darasin kansa. Malamin gobe da bai bambance "baƙi" da "baki" ba sai ya duba waya, me zai yi a gaban allo da yara hamsin suna kallonsa?

Na ukun shi ya fi damun mu, wato binciken fili. Idan aka tura ɗalibi Gangare ya ji ta bakin dattawa kan zamanin haƙar kuza, ko Farin Gada ya tattaro kalmomin 'yan gwari, ko Naraguta wajen dukawa, abin da ya fito daga bakin mutanen muke so, yadda suka faɗa. Hausar Jos tana da nata kari, kuma manhaja takan goge shi ta mayar da shi daidaitacciyar Hausa, sai a rasa ainihin abin da aka je nema. Don haka ɗalibi zai saurari hirar ya rubuta da hannunsa, ya miƙa muryar tare da rubutun. Ba a loda muryar kowa ko sunansa a manhaja. Dattijon da ya ba ka lokacinsa amana ya ba ka, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023. Wannan hani ya haɗa da sunayen yara da sakamakonsu a lokacin gwajin koyarwa. Ƙaga hirar da ba a yi ba kuwa, shi ne laifi mafi girma a wannan takarda.

5. Nauyin da ke kan malamai

Kowane malami zai rubuta a saman takardar jinga abin da ya halatta a cikinta. Yana iya tsaurarawa ko sassautawa, amma a rubuce, kafin a fara aikin. Idan bai ce komai ba, wannan ƙa'ida ce ke aiki. Malamin da ya yi amfani da manhaja wajen shirya darasi zai faɗa wa ajinsa, kuma ba zai ba ta aikin ɗalibi ta sa maki ba.

6. Idan aka yi zargi

Ba za a hukunta kowa da sakamakon manhajar gano rubutun na'ura kaɗai ba. Kamfanin OpenAI mai ChatGPT da kansa ya janye tasa a watan Yuli na 2023 saboda yawan kuskurenta. Malami zai kira ɗalibin cikin mako biyu, a gaban wani malami na biyu, ya nemi ganin daftarinsa na farko, ya yi masa tambayoyi kan abin da ya rubuta. Saboda haka kowa ya adana daftarinsa har sakamako ya fito.

Idan amfanin halal ne amma ba a bayyana ba, karo na farko gargaɗi ne a rubuce da sake miƙa aikin cikin mako ɗaya. Idan haramtacce ne, babu maki a wannan aiki. Maimaitawa, ko ƙaga hira ko madogara a kundi, za a miƙa wa kwamitin ladabtarwa na makaranta. Ɗalibi na da mako biyu ya ɗaukaka ƙara ga shugaban sashe.

Ƙa'idar ta fara aiki daga ranar Litinin, 3 ga Nuwamba, 2025, kuma za a sake duba ta a ƙarshen shekarar karatu tare da wakilan ɗalibai. Wanda yake shakkar ko wani amfani ya halatta, ya tambayi malamin kwas kafin ya miƙa aikin.

Shugaban Sashe
A madadin taron malaman Sashen Hausa