Gayyata zuwa Taron Ƙara wa Juna Sani kan Adana Alluran Riga-kafi (Wadda Aka Gyara)

Rana: Talata 14 da Laraba 15 ga Afrilu, 2026
Lokaci: ƙarfe 9:00 na safe zuwa 4:00 na yamma, kowace rana
Wuri: Babban Zauren Taro, hawa na biyu, ginin sakatariyar ƙungiya
Rufe rajista: Juma'a 27 ga Maris, 2026, ƙarfe 12:00 na rana
Kuɗin shiga: babu, amma sai da rajista

Zuwa ga mambobi da jami'an kula da ma'ajiyar sanyi,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Wannan takarda ta maye gurbin wadda muka aiko ranar 2 ga Maris. A waccan, ranar taro da wurinsa sun nutse a sakin layi na huɗu, bayan dogon tarihin ƙungiya, kuma ranar rufe rajista ta riga ranar taron fitowa. Shi ya sa wasu suka ɗauka 27 ga Maris ce ranar taron, har da waɗanda suka nemi hutun aiki a kanta. Muna neman afuwa. Babu abin da ya canza a shirin, tsarin takardar kawai aka gyara, kuma wannan ce za a yi aiki da ita.

Yadda ake rajista

1. A buɗe fom ɗin da ke maƙale da wannan saƙo. Shafi ɗaya ne.
2. A rubuta cikakken suna kamar yadda yake a katin shaidar aiki, domin da shi za a buga takardar shaidar halarta, kuma ba za a sake bugawa ba.
3. A zaɓi rukuni ɗaya na aikin gwaji, A, B, C ko D.
4. A mayar da fom ɗin ta hanyar amsa wannan saƙo, a rubuta `RAJISTA` a layin take.
5. A jira saƙon tabbatarwa mai ɗauke da lambar kujera cikin kwana biyu na aiki.

Mataki na biyar shi ne inda aka fi yin tuntuɓe. Aika fom bai zama rajista ba sai lambar kujera ta iso. Wanda kwana biyu suka wuce bai ga komai ba, ya fara duba akwatin `Spam`, sannan ya sake aikowa. Akwai kuma masu ɗaukar hoton fom da waya a cikin duhu, ƙasansa ya yanke, daidai wurin zaɓen rukuni. Irin wannan dole mu mayar da shi. Fom ɗaya na mutum ɗaya ne. Shugaban sashe da zai turo mutum uku, fom uku zai aiko.

Waɗanda suka riga suka sami lambar kujera ba sai sun sake komai ba.

Zauren na ɗaukar mutum 120, kowane rukuni mutum 30. Idan rukunin da mutum ya zaɓa ya cika, za a sa shi a wanda ke da sauran wuri, a sanar da shi a saƙon tabbatarwa.

Abin da za a tattauna

Ranar Talata ta jawabai ce: riƙe firiji tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas, rubuta zafinsa safe da yamma, da abin yi idan wuta ta ɗauke. Za a daɗe a kan daskarewa, domin jama'a sun fi tsoron zafi, alhali alluran ciwon hanta nau'in B da na sarƙewar haƙora lalacewa suke idan suka daskare, ko da sun narke daga baya. Ranar Laraba aikin hannu ne. Kowane rukuni zai yi gwajin girgiza kwalba don gane wadda ta taɓa daskarewa, ya karanta alamar zafi da ke jikin kwalba, ya kuma shirya akwatin sanyi bayan an bar ƙanƙara ta fara narkewa har ana jin motsin ruwa a cikin gorarta.

Ranar zuwa

Za a buɗe teburin karɓar baƙi ƙarfe 8:15. A shigo ta ƙofar gabas, domin babbar ƙofa ba ta buɗewa sai ƙarfe 9:00. A zo da katin shaidar aiki, da lambar kujera, da kwafin takardar rubuta zafin firiji ta wata ɗaya daga wurin aiki, za a yi amfani da ita ranar Laraba. Mai keken guragu ko wanda hawa bene ke yi wa wuya ya nuna a layin ƙarshe na fom, a tanadi mai raka shi zuwa lif.

Mai tambaya ya amsa wannan saƙo, ya rubuta `TAMBAYA` a layin take, don kada ta cakuɗe da fom ɗin rajista.

Mun gode,
Sakataren Kwamitin Shirya Taro