Yadda Ake Kwatanta Kuɗin Tikitin Jirgin Sama Kafin a Biya

Kuɗin da mutum ya fara gani a shafin binciken jiragen sama sau da yawa ba shi ne zai fita daga asusunsa ba, kuma a nan ne matafiya da yawa suke yin asara, musamman waɗanda suka saba miƙa wa wakilin tafiye-tafiye komai, yanzu kuma suka fara yankar tikiti da kansu ta waya. Domin bayanin ya fito fili, za mu bi tafiyar wani ɗan kasuwa da zai tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin a watan Oktoba, ya yi mako biyu yana sayayya, sannan ya dawo da manyan akwatuna biyu.

Da farko ya kamata a san cewa shafukan da ake gani iri uku ne. Akwai shafukan bincike irin su Google Flights da Skyscanner da Kayak, waɗanda aikinsu shi ne tattaro farashi daga wurare da dama su jera wa mutum, sannan su tura shi wajen mai sayarwa. Matsayinsu kamar na dillali ne a kasuwa, yana nuna maka inda kaya suke amma ba nasa ba ne. Akwai kuma kamfanonin da suke sayar da tikiti ta intanet, irin su Wakanow da Travelstart, su ne suke karɓar kuɗinka su yanka maka tikitin a madadin kamfanin jirgi. Na uku shi ne shafin kamfanin jirgin da kansa. Muhimmancin wannan bambanci shi ne, wanda ya karɓi kuɗinka galibi shi za ka nema idan ana son sauya rana ko mayar da kuɗi.

Kafin ɗan kasuwar nan ya buɗe kowane shafi, sai ya rubuta abin da yake bukata a takarda: ranar tafiya da ta dawowa, ko zai iya matsar da su da kwana biyu ko uku, yawan akwatunan da zai ɗauko, da kuma tsawon jiran da zai iya jurewa a hanya. Sai kuma ya riƙe lambobin filayen jirgin, domin da su ake bincike: KAN na Kano ne, CAN na Guangzhou, ABV na Abuja, LOS na Legas. Harafi ɗaya ne ya raba KAN da CAN, don haka a duba da kyau. Tafiyarsa ta faɗo a lokacin babban bajekolin Canton da ake yi a Guangzhou, wanda ake fara shi a watan Afrilu da kuma watan Oktoba na kowace shekara, lokacin da masu zuwa birnin suke ƙaruwa, kujeru masu sauƙin kuɗi kuma suke saurin ƙarewa.

Sai ya fara da Google Flights, ya sa ranakunsa, ya tabbatar kuɗin da shafin yake nunawa naira ne, domin kwatanta dala da naira a ka yana jawo kuskure. A nan akwai Date grid da Price graph, waɗanda suke nuna yadda farashi yake hawa da sauka daga rana zuwa rana, kuma sau da yawa matsar da tafiya da kwana ɗaya yana kawo rangwamen da ya fi duk wanda za a samu ta yawo daga shafi zuwa shafi. Idan da sauran lokaci, yana iya kunna Track prices domin a riƙa aiko masa da saƙo duk lokacin da farashin ya canza. Bayan haka sai ya maimaita binciken a Skyscanner ko Kayak da ranakun nan dai, saboda ba duk shafuka ne suke ɗauke da kowane kamfani ko kowane mai sayarwa ba. Shafi biyu na bincike sun isa. Na uku da na huɗu yawanci abin da aka riga aka gani suke maimaitawa.

Tafiya irin wannan sai an sauya jirgi a hanya, a Addis Ababa idan da Ethiopian Airlines ne, a Alƙahira idan da EgyptAir ne, ko a Doha idan da Qatar Airways ne. Yana da kyau ya duba tashi daga Abuja ma, amma idan ya ga ya fi araha sai ya haɗa da kuɗin zuwa Abujar da na kwana idan ta kama, sannan ya yanke hukunci. Idan ya zaɓi tafiya biyu ko uku da suka kwanta masa, sai ya rubuta sunan kamfanin da lambar jirgin da lokacin tashi da na sauka na kowace. Lokutan da aka rubuta na garin da ake tashi ne ko ake sauka, kuma ƙasar Sin tana gaban Nijeriya da awa 7. Alamar +1 kusa da lokacin sauka tana nufin washegari za a isa.

Yanzu ne zai buɗe shafin kamfanin jirgin, ko manhajarsa ta waya, ya nemi wannan jirgin da ya rubuta lambarsa, a wannan ranar. Gara ya rubuta adireshin shafin da hannunsa a kan ya danna tallan da ya fito a saman sakamakon bincike, domin akwai shafukan bogi masu kwaikwayon na kamfanoni. A shafin kamfanin zai tarar cewa ko a cikin ajin da ake kira Economy akwai matakai biyu ko uku na farashi, kowanne da nasa sharaɗi. Mafi araha yakan zo da kaya kaɗan, ana cajin kuɗi mai yawa idan za a sauya rana, wani lokaci kuma ba a mayar da komai idan aka fasa tafiya. Na sama da shi ya fi tsada amma ya fi sassauci. Shafukan bincike galibi mataki mafi araha suke nunawa, saboda haka wanda ya kwatanta shi da mataki na tsakiya a shafin kamfani, abubuwa biyu daban ya kwatanta ba tare da ya sani ba.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a bi kowane shafi har zuwa matakin ƙarshe, wurin da ake neman lambar kati, sannan a tsaya a rubuta jimillar. A ɗauka, a matsayin misali kawai, wani mai sayarwa ya nuna N1,540,000, shafin kamfanin kuma ya nuna N1,660,000. Kallon farko ya nuna bambancin N120,000. Da ɗan kasuwar ya ci gaba sai ya ga tikitin farko akwati ɗaya mai kilo 23 ya ba shi, ƙarin na biyun zuwa da dawowa N120,000 ne, ga kuma N35,000 na ladan aiki, jimilla N1,695,000. Na kamfanin kuwa akwati biyu ya ƙunsa tun farko. Ke nan wanda ya yi kama da mai araha shi ne ya fi tsada da N35,000. Wani lokacin akasin haka ake samu, mai sayarwar ya fi sauƙi da gaske bayan an haɗa komai, domin wasu suna da yarjejeniya ta musamman da kamfanonin jirage. Shi ya sa sai an yi lissafin kowace tafiya. A wannan matakin kuma a lura da abubuwan da wasu shafuka suke riga su zaɓa wa mutum, kamar inshora ko zaɓin kujera, a cire wanda ba a bukata.

Abin da ya fi kowanne haɗari shi ne tafiyar da aka rubuta mata Self-transfer ko Separate tickets. Ma'anarsa ita ce tikiti biyu ne daban aka haɗa, kowanne da kamfaninsa. Idan jirgin farko ya makara har na biyu ya tashi, kamfani na biyu ba shi da alhakin sa mutum a wani jirgin kyauta. Haka kuma sau da yawa sai matafiyi ya karɓi kayansa a filin jirgin tsakiya ya sake auna su, abin da yake iya bukatar bizar wannan ƙasar. A tikiti guda kuwa, kayan galibi suna wucewa kai tsaye, kamfanin ne kuma zai nema masa wani jirgin idan makarar daga wajensa take. A ganina, ga mai ɗauke da kayan sayarwa, rangwamen da ke cikin irin wannan haɗin bai kai girman haɗarinsa ba. A kuma duba inda aka rubuta Operated by, domin yana yiwuwa a sayi tikiti a wajen wani kamfani amma jirgin na wani ne, kuma hakan yana iya shafar dokar kaya.

Sai batun kuɗin da za a biya da shi. Wasu masu sayarwa na ƙasashen waje suna nuna farashi da naira amma da dala ko fam suke cire kuɗin, bankin mai katin kuma ya yi canji da nasa farashin, ya ƙara nasa caji. Bankuna suna kuma sa iyaka a kan abin da katin naira zai iya kashewa a waje, don haka ya kamata a tambayi banki tun kafin a kai ga biya. Wasu kamfanonin jirage suna ba da damar riƙe kujera na ɗan lokaci a kan farashin da aka gani, a biya daga baya ta banki ko a ofishinsu, wanda hakan yana ba da sararin yin tunani.

Idan mutum ya koma shafi bayan awa guda ya tarar farashi ya hau, mafi yawan lokaci dalilin shi ne kamfanoni suna raba kujerun jirgi rukuni-rukuni, kowane rukuni da kuɗinsa, idan na ƙasa ya ƙare sai na sama ya bayyana. Shafukan bincike ma wani lokaci tsohon farashi suke nunawa har sai an danna. Saboda haka ya fi dacewa a yi kwatancen gaba ɗaya a zama guda. Masu tafiya su uku ko huɗu kuma su gwada binciken mutum ɗaya su gani, domin idan kujera biyu ce ta rage a rukuni mai araha, shafin yakan ɗora kowa a kan farashi na sama.

Idan jimillar ta zo kusa da juna, shawarata ita ce a saya a shafin kamfanin jirgin, domin ɗan kasuwar da kayansa ba su kammala ba a Guangzhou, yana son ƙarin kwana uku, zai fi samun sauƙi idan da kamfanin kai tsaye yake magana. Idan kuwa bambancin mai yawa ne, a saya a wajen mai sayarwar da aka sani, mai ofishi ko lambar wayar da ake ɗagawa, bayan an karanta abin da shi yake caja a kan sauya rana ban da na kamfanin jirgi. Kafin a danna biya a tabbatar sunan ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi, domin Muhammad da Mohammed ba ɗaya ba ne a wajen masu tantance fasinja, gyaran suna kuma yakan ci kuɗi. A duba fasfon ma, saboda ƙasashe da yawa suna bukatar ya rage aƙalla wata 6 kafin ya ƙare.

Bayan an biya, a ko'ina aka saya, za a aiko da lambar ajiyar kujera mai haruffa da lambobi 6, wadda ake kira PNR, da kuma lambar tikiti mai lambobi 13, wadda ukun farkonta suke nuna kamfanin da ya fitar da shi: 071 na Ethiopian Airlines ne, 077 na EgyptAir, 157 kuma na Qatar Airways. Sai a shiga shafin kamfanin jirgin, a sashen Manage booking ko makamancinsa, a sa PNR da sunan ƙarshe, a ga ko ranakun da yawan akwatunan sun yi daidai da abin da aka biya. Idan PNR kawai aka samu babu lambar tikiti, to ba a yanki tikitin ba tukuna, kuma ya kamata a kira mai sayarwar a ranar, tun kafin wa'adin riƙe kujerar ya cika.